Mu uku muke tace fim ɗaya, aikin wani yana shafe na wani

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu uku ne muke tace wani fim na gaskiya mai tsawon minti 40 a Premiere Pro. Kowa yana da faifansa na waje mai ɗauke da hotunan, furojet ɗin kuma yana cikin wata folda da ke daidaita kanta ta intanet. Sau biyu ke nan aikin yini guda na ɗayanmu yana ɓacewa, jiya kuma na buɗe na tarar da hoton wata kyamara ya zauna a gurbin na wata. Sunayen fayilolinmu sun koma `final`, `final2`, `final_sabo`, har ba mu san wanda darakta ya amince da shi ba. Don Allah yaya ake tsara wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tushen matsalar ɗaya ne: kuna riƙon hoton da kyamara ta ɗauko da fayil ɗin furojet riƙo iri ɗaya, alhali halinsu ya sha bamban. Hoton asali yana da nauyi, amma daga ranar da aka sauke shi daga kati ba ya ƙara canzawa. Furojet kuwa ɗan ƙaramin fayil ne da ke canzawa duk bayan 'yan mintoci, kuma babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Kwatance ne kawai a ciki: je faifai kaza, shiga folda kaza, nemo fayil mai suna kaza, ɗauko daga daƙiƙa kaza zuwa kaza. Saboda haka hoton asali yana bukatar suna da mazauni da ba sa motsi, furojet kuma yana bukatar mutum ɗaya tak ya riƙa rubutu a cikinsa a lokaci guda. Bari mu sa wa fim ɗinku suna `TEKU` don misali, mu bi abin daki-daki.

Yadda hoton wata kyamara ke zama a gurbin na wata

Kyamarori da yawa suna ba fayil suna da ƙidaya kawai. Ƙananan kyamarorin Sony suna rubuta `C0001.MP4`, wasu na Canon `MVI_0001.MP4`, jiragen ɗaukar hoto na DJI da dama `DJI_0001.MP4`. Idan kyamara biyu iri ɗaya suka yi aiki a rana ɗaya, ko aka goge kati ƙidayar ta koma farko, sai ka wayi gari da `C0001.MP4` guda shida a aiki ɗaya, kowanne da abin da ke cikinsa daban.

Muddin kwatancen da ke cikin furojet daidai yake, babu abin da zai faru. Rikicin yana tasowa ne ranar da abokin aikinka ya buɗe furojet ɗin a kwamfutarsa, inda faifan yake da wani suna ko wani harafi. Manhaja ta nemi fayil ta rasa, sai ta fito da tagar `Link Media`. Shi kuma yana sauri, ya nuna mata `C0001.MP4` na farko da ya gani, ya bar alamar `Relink others automatically` a kunne. Daga nan manhajar za ta bi foldar da ya nuna ta ɗaura duk sunan da ya yi daidai. Ya adana, ya tura maka, kai kuma ka gaji kuskuren.

Akwai alamar da ake gane shi. Idan fayil ɗin da aka ɗaura bisa kuskure ya fi na gaskiya gajarta, za ka ga layuka a karkace a jikin kilif ɗin cikin jerin tacewa, ma'ana an nemi firem ɗin da babu shi. Idan kuwa ya fi tsawo, babu gargaɗi ko kaɗan: yankan yana nan yadda aka yi shi, tsawonsa daidai, hoton ne kawai ba shi ba. Wannan shi ne mai haɗari, don yana iya wucewa har gaban mai gyaran kala ba a lura ba. Hanyar bincike ita ce a buɗe ginshiƙan `Media Start`, `Media Duration` da `Media File Path` a tagar furojet, a duba ko kowane kilif yana nuni zuwa foldar katin da ya fito.

Maganin na dindindin shi ne kada sunan fayil biyu ya taɓa zama ɗaya a aikin gaba ɗaya. Kowace kyamara a ba ta harafi, kowane kati a ba shi lamba mai tafiya gaba ba ta komawa baya: `A001`, `A002` na kyamara ta farko, `B001` na ta biyu. Sai sunan fayil ya zama haka:

```
TEKU_20250312_A003_C0001.MP4
TEKU_20250312_B002_C0001.MP4
```

Kwanan wata a fara da shekara, sai wata, sai rana, domin idan aka jera fayiloli bisa suna su jeru bisa lokaci da kansu. Sunan da kyamara ta bayar kuma a bar shi a wutsiya, saboda ko bayan shekara ana iya komawa a gano asalinsa. Kada a sa bayanin abin da ke cikin hoton a sunan fayil, irin su "hira da shugaban masunta, ta biyu, mai kyau". Wurin wannan cikin manhaja ne, a ginshiƙin bayani, inda za a iya gyara shi sau goma ba tare da an tsinke komai ba.

A taƙaita haruffan suna ga A zuwa Z, lambobi, da alamomin `_` da `-`. Windows ba ta karɓar `\ / : * ? " < > |` a suna, kuma fayil ɗin da Mac ta yarda da sunansa yana iya ƙin kwafuwa a can. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kwamfutocin yanzu suna karanta su lafiya, amma tsofaffin hanyoyin miƙa aiki irin su `EDL` ba a gina su don su ba, suna iya komawa alamar tambaya. A rubutun da zai fito a allo a sa su yadda ya kamata. A sunan fayil a haƙura da su.

Lokacin sa sunan ya fi sunan kansa muhimmanci. Mafi kyau a saita shi tun a cikin kyamara idan tana da wannan damar. Idan babu, a sa shi lokacin sauke kati, kafin a shigar da komai cikin manhaja, kafin a yi furoksi, wato kwafin hoto mara nauyi da ake tacewa da shi, kuma kafin a yi kwafin ajiya, ta yadda duk kwafin za su ɗauki suna ɗaya. Amma a kula: akwai katunan da tsarin foldojinsu wani ɓangare ne na hoton, kamar `AVCHD` da `P2`, inda dogon kilif yake rarrabe cikin fayiloli da yawa, wani ƙaramin fayil ne ke haɗa su. Irin waɗannan ba a taɓa sunan abin da ke cikinsu. Katin ake kwafewa ɗungurungum cikin folda mai suna `A003`, a bar shi yadda yake.

Mazauni ɗaya a kowace kwamfuta

Tunda tagar `Link Media` ce ƙofar da kuskure ke shigowa, a yi ƙoƙari kada ta riƙa fitowa sam. Hakan yana samuwa ne idan hanyar zuwa fayil iri ɗaya ce a wurin ku ukun. A Windows, kowa ya shiga `Disk Management` ya ba faifan aikin harafi ɗaya, a zaɓi na can ƙasa kamar `T:`, domin `D:` da `E:` duk filashin da aka soka yana iya ƙwace su. A Mac, sunan faifan ne zai zama ɗaya a wurin kowa. Idan aka soka faifai biyu masu suna ɗaya a Mac guda, na biyun zai hau da lamba a ƙarshen sunansa, sai hanyar ta canza ba a sani ba. Don haka faifan ajiya a ba shi wani suna dabam.

Cikin faifan ma tsari ɗaya:

```
TEKU/
  01_ASALI/20250312/A003/
  02_FUROKSI/
  03_SAUTI/
  04_ZANE/
  05_FUROJET/
  06_FITARWA/
```

Doka ɗaya ce ke riƙe da wannan tsari: ba a shigar da komai cikin furojet sai ya fara zama a ɗaya daga cikin foldojin nan. Edita ya sauko da waƙa, ta faɗa `Downloads`, ya ja ta kai tsaye cikin jeri; a wurinsa tana kaɗawa, a wurin sauran biyun jan allo ne mai cewa `Media offline`, kuma babu kwafin ajiyar da ya san da zamanta. Mutum ɗaya ne zai riƙe `01_ASALI`: shi ke sauke kati, shi ke sa suna, shi ke rarraba wa sauran. Foldar `Media Cache` kuwa kowa ya bar tasa a faifan cikin kwamfutarsa. Ba a raba ta, ba a yi mata kwafi, don manhaja tana sake gina ta.

Inda aikin yini ke tafiya

Ga abin da ke faruwa. Ƙarfe tara kai da abokiyar aikinka kun buɗe `TEKU.prproj`. Kowannenku ya ɗauki kwafin fayil ɗin cikin ƙwaƙwalwar kwamfutarsa. Ita ta yi ta aiki a kashi na biyu, ta adana ƙarfe huɗu. Kai ka gyara ɗan abu a kashi na ɗaya, ka adana ƙarfe biyar. Adanawarka ba gyaranka kaɗai ta rubuta ba, fayil ɗin gaba ɗaya ta rubuta, ciki har da kashi na biyu kamar yadda yake ƙarfe tara na safe. Manhajar daidaita folda ba ta san abin da ke ciki ba. Ko dai ta ɗauki na ƙarshe ta rarraba wa kowa, ko ta ajiye ɗayan a gefe da wani suna, wanda galibi ba mai lura da shi. Aikinta ke nan, ba ta yi laifi ba. Ba a gina ta don ta haɗa gyaran mutum biyu ba.

Kafin ku fid da rai da abin da ya ɓace, ku duba wuri uku. Na farko, cikin foldar da kuke rabawa, a nemi fayil mai ɗauke da kalmomi irin su `conflicted copy` ko sunan wata kwamfuta a jikinsa. Na biyu, tarihin sigogin fayil a shafin intanet na manhajar daidaitawar, wanda yawanci yana da wa'adi, saboda haka kada a yi jinkiri. Na uku, foldar `Adobe Premiere Pro Auto-Save`. Duk wanda aka samu, a kwafe shi zuwa wani wuri, a canza masa suna, sannan a buɗe.

Wasu masu ilimin kwamfuta za su ce a yi amfani da `Git`, yadda masu rubuta manhaja suke yi. Zai adana tarihi, amma ba zai haɗa muku aiki ba. Fayil ɗin `.prproj` matsattsen `XML` ne, kuma ko an warware shi, ba rubutu ba ne da mutum zai zauna ya daidaita layi da layi. A harkar tace bidiyo ba a haɗa gyara biyu a fayil ɗaya. Hana su haɗuwa ake yi tun farko.

Hanyar ita ce a tsaga fim ɗin. Minti 40 ya kasu kashi uku ko huɗu, a yanka a inda labari ya numfasa, ba a tsakiyar waƙa ko magana ba. Kowane kashi ya zama furojet mai zaman kansa, da mai shi guda ɗaya. Sai furojet na haɗawa, wanda babban edita kaɗai ke taɓawa, inda ake jera kason don a kalli fim ɗin a dunƙule. Wanda ya ga abin gyara a kashin wani ba ya gyarawa, rubuta masa yake yi, ko ya nemi a miƙa masa kashin a fili.

Idan kuna ɗaki ɗaya, ku sayi ma'ajiya ta tsakiya da ake kira NAS, ku koma tsarin `Productions` da Adobe ta fito da shi a 2020. Shi yana yin wannan tsagawar da kansa: wanda ya fara buɗe furojet don rubutu ya kulle shi, sauran suna iya kallo da kwafa, ba sa iya adanawa. Kullen wani ɗan fayil ne mai ƙarewa da `.prlock` da ke bayyana kusa da furojet ɗin. Wannan ne ya sa ban yarda da shi a kan folda mai daidaitawa ta intanet ba: kullen yana amfani ne idan kowa ya gan shi nan take, amma idan sai ya hau intanet ya sauko, a cikin wannan tazarar mutum na biyu ya riga ya shiga. Idan kuna nesa da juna, ko dai ku yi amfani da `Team Projects`, wanda aka gina don haka, ko ku riƙe tsagawar da hannu: kowa ya yi aiki a faifansa, in ya tashi ya rufe manhaja, sannan ya kwafa furojet ɗinsa zuwa foldar da ake rabawa. Foldar ta zama wurin miƙa aiki, ba wurin yin sa ba.

Wani abu da ake mantawa: ku ukun ku tsaya a kan sigar manhaja ɗaya, ku kashe sabuntawa ta kai tsaye har a gama fim ɗin. Furojet ɗin da aka adana a sabuwar siga sau da yawa ba ya buɗuwa a tsohuwa, sai mutum ɗaya ya tilasta wa kowa sabuntawa a tsakiyar aiki.

Lamba, ba "na ƙarshe" ba

Kalmar `final` alkawari ce da ba edita ke da ikon cika ta ba, tunda darakta yana iya kira gobe da safe. Lamba kuwa ba ta alkawarin komai, gaba kawai take yi. Sunan jeri, wato abin da Premiere ke kira `Sequence`, ya zama kamar haka:

```
TEKU_K2_v014_20250318_HM
```

Fim, kashi, siga, rana, da haruffan farko na sunan editan. Lambar ta zama mai gurbi uku, domin wasu manhajoji suna jera `v10` kafin `v2`. Kuma lambar ta kashin ce, ba ta mutum ba: idan aka miƙa kashi na biyu ga wani edita a `v014`, shi zai ci gaba da `v015`, ba zai fara tasa ƙidayar ba.

Yaushe ake ƙara lamba? Da safe kafin a taɓa komai, da duk lokacin da aka fitar da bidiyo aka tura wa wani, da lokacin da kashi ya canza hannu. Ana yin `Duplicate` na jerin, a ba sabon lamba ta gaba, a jefa tsohon cikin kwandon da aka sa wa suna `TSOHO`. Na lokacin fitar da bidiyon nan shi ne wanda ba a wasa da shi. Da zarar `v014` ta fita daga hannunka, ta daskare. Ko firem ɗaya za ka taɓa, `v015` ce.

Dalili kuwa shi ne bidiyon da aka fitar dole ya ɗauki sunan jerin da ya haife shi, harafi da harafi: `TEKU_K2_v014_20250318_HM.mp4`. A kwafin da ake tura wa darakta don dubawa, a ƙona sunan da tayimkod a jikin hoton, a wata kusurwa, saboda manhajojin aika saƙo suna yawan canza sunan fayil, amma ba sa iya goge abin da ke cikin hoto. Darakta ya ce "a minti na shida da daƙiƙa goma a cire wancan kallon", sai ka tambaye shi lambar da ke kusurwa. Idan yana kallon `v012` kai kana kan `v014`, minti na shidansa ba naka ba ne.

Idan ana son gwada wata hanya ta daban, misali a buɗe kashin da hira maimakon hoton teku, a yi reshe mai suna `v014_GWAJI-A`. Idan an karɓe shi ya dawo babban layi a matsayin `v015`; idan an ƙi, ya tafi `TSOHO`. Reshe ba ya haifar wani reshe, in ba haka ba kun koma gidan jiya.

Amincewar darakta ba a sunan fayil ake rubuta ta ba. A buɗe takarda ɗaya da kowa ke gani, mai ginshiƙai biyar: siga, rana, wanda ya yi, abin da ya canza, wa aka tura wa da abin da ya ce. Layi ɗaya ga kowace siga ya isa. Amfaninta yana fitowa sosai bayan an kulle hoto, wato an tsayar da yankan fim ɗin. A ce an kulle kashi na biyu a `v031`, an miƙa wa mai haɗa sauti da mai gyaran kala. Bayan kwana uku darakta ya sa aka cire firem 12 a `00:04:22:10`. A fim mai firem 25 a daƙiƙa, wannan kusan rabin daƙiƙa ne, kuma duk sautin da ke bayan wurin zai goce da baki da wannan gwargwadon har ƙarshen kashin. Idan an yi gyaran a cikin `v031` ba a canza lamba ba, babu wanda zai sani sai ranar haɗawa. Idan ya zama `v032`, takarda ta ce an cire firem 12 a wuri kaza, mai sauti zai daidaita nasa cikin 'yan mintoci.

Kwafin ajiya

Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini dabam. Faifai ukun da kuke da su suna kama da kwafi uku, amma sai in an tabbatar abin da ke cikinsu iri ɗaya ne, kuma faifan da ake aiki a kansa kullum shi ya fi kusa da kuskuren hannu. Ku lissafa: kyamara mai ɗauka a megabit 100 a daƙiƙa tana cin kimanin gigabayit 45 a awa. Idan kun ɗauki awa 30, terabayit 1.35 ke nan. Da sauti da zane a ce 1.5. Faifai biyu masu terabayit 4, waɗanda ba a tacewa a kansu, sun ishe ku har da sarari.

Sauke kati ba da ja-ka-saki ake yi ba. A yi shi da manhajar da ke lissafa lambar tantancewa, irin `xxHash` ko `MD5`, ta karanta fayil a kati, ta karanta kwafinsa, ta gwada. `Clone Tool` da ke cikin DaVinci Resolve yana yin wannan kyauta. Akwai kuma ShotPut Pro da OffShoot. Girman fayil ya yi daidai ba hujja ba ce, don igiya mai matsala ko makarantin kati mai zafi yana iya lalata 'yan firem a tsakiya girman bai canza ba. Ba a goge kati sai an tantance kwafi biyu.

Folda mai daidaitawa ba ajiya ba ce, haka ma RAID, wato faifai da yawa da aka haɗa suna aiki kamar ɗaya. Dukansu suna maimaita abin da ka yi ne da aminci: ka goge folda bisa kuskure, su goge ta ko'ina. RAID yana kare ka daga mutuwar faifai ɗaya, ba ya kare ka daga hannunka. Saboda haka kwafin `01_ASALI` ya zama mai ƙari kawai, ba ya gogewa, ba ya rubutu a kan abin da ya tarar:

```
robocopy T:\TEKU\01_ASALI U:\TEKU\01_ASALI /E /XC /XN /XO
rsync -av --ignore-existing /Volumes/TEKU/TEKU/01_ASALI/ /Volumes/AJIYA1/01_ASALI/
```

Na sama na Windows ne, na ƙasa na Mac. A guji `/MIR` a `robocopy` da `--delete` a `rsync`: su ne ke mayar da faifan ajiya madubi, abin da ya ɓace a nan ya ɓace a can. Waɗannan umarnin ba sa gwada kwafi da na asali bayan sun gama, don haka lokaci-lokaci a sake bi da manhajar tantancewa.

Furojet kuwa ajiyarsa akasin haka ce: ba kwafi ɗaya mai kyau ake so ba, tarihi ake so. Kowane dare a kwafe `05_FUROJET` cikin sabuwar folda mai kwanan watan ranar a faifan ajiya, kada a goge na jiya. Idan furojet ɗin kowannenku megabayit 40 ne, ku uku na tsawon kwana 60 gigabayit 7 ne da ɗoriya, bai kai hoton minti goma ba. Furojet yakan lalace a hankali, a yi kwana biyu ana adana lalataccen kafin ya ƙi buɗuwa. Ranar nan kwafin jiya ba zai cece ku ba, na makon jiya ne zai yi. A `Auto Save` a sa minti 5, a ɗaga adadin sigogi zuwa 50 ko fiye, sannan a `Scratch Disks` a kai mazauninsa wani faifai dabam da wanda furojet yake. Siga 50 a minti biyar-biyar awa huɗu ce da 'yan mintoci, don haka shi maganin ɗaukewar wuta ne da sandarewar manhaja, ba ya maye gurbin kwafin dare.

Ga wanda zai kai aikin DaVinci Resolve don kala: a can furojet ba fayil ba ne a foldarku, yana zaune ne cikin rumbun bayanan manhajar. Kwafe faifan hotuna ba ya ɗauko shi. Sai an yi `Export Project` an sami fayil mai `.drp`, an ajiye shi cikin `05_FUROJET` da suna da lamba irin na sauran.

Gyaran abin da ya riga ya cakuɗe

Tunda kuna tsakiyar aiki, jerin matakan yana da muhimmanci, don idan aka fara da canza suna, furojet uku za su tsinke a lokaci ɗaya. Ku tsayar da tacewa na yini guda. Kafin komai, a kwafe duk furojet da ke hannun kowa, har da na `Auto-Save`, cikin folda mai kwanan wata, kada a ƙara taɓa ta. Sai a zaɓi faifai ɗaya ya zama uwa, a gwada sauran biyun da shi, a kwaso duk fayil ɗin da ke wurin wani babu shi a uwar.

Daga nan a buɗe sabon furojet a kwamfuta ɗaya, a shigo da jerin kowane edita ta `Import`, a zaɓi `Import Selected Sequences`, a bar `Allow importing duplicate media` a kashe. A bi kilif-kilif da ginshiƙan nan uku a gyara duk wanda ya ɗauru a katin da ba nasa ba. Sai bayan komai ya zauna daidai za a canza sunan fayilolin da suka yi karo, kati ɗaya a lokaci guda: a rufe manhaja, a canza sunan na `A003`, a buɗe, a ɗaura su da hannu tare da cire alamar `File Name` a sharuɗɗan daidaitawa da ta `Relink others automatically`, a duba, a adana, sannan a wuce kati na gaba. Idan akwai furoksi, sunansu ya bi na asalinsu a wannan zaman. Aiki ne mai gundura, amma sau ɗaya ake yin sa. In ya kammala, a sake cika faifan sauran biyun da na ajiya daga uwar, a tsaga furojet zuwa kashi-kashi, kowane kashi ya fara daga `v001`.

Kafin a koma tacewa, a gwada ajiyar. A cire faifan aiki daga kwamfuta gaba ɗaya, a soka na ajiya, a buɗe furojet ɗin daren jiya daga cikinsa, a ɗaura shi a kan hotunan da ke ciki, a kunna fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe. Cire faifan aikin wajibi ne, domin idan yana soke manhaja za ta ɗauko hotuna daga gare shi a ɓoye, gwajin ya nuna lafiya alhali ajiyar da giɓi. Duk jan allon da ya fito, fayil ne da ke zaune a `Desktop` ko `Downloads` na wani. A nemo shi, a kai shi foldarsa, a sake kwafi. A maimaita wannan gwajin duk mako biyu, da kuma ranar da aka kulle hoto.